Kurakuran Rahoton Wata Uku Na Aikin Rijiyar Burtsatse, Da Yadda Ake Gyara Su

Kuskuren da ya fi jawo a dawo wa ƙungiya da rahotonta shi ne lissafa rijiyar da aka haƙa a matsayin wadda aka kammala. Mai ba da tallafi ya ba da kuɗinsa ne domin jama'a su sami ruwan sha, kuma tsakanin haƙa rami da buɗe famfo akwai sauran tafiya.

A ɗauka wata ƙungiya ta tsara kammala rijiyoyi 6 a Agege da Mile 12 da ke Legas daga Afrilu zuwa Yuni. A ƙarshen Yuni an haƙa 5, sai mai rubuta rahoto ya sa "an cimma kashi 83 cikin 100". Amma da za a je wurin, biyu kaɗai ke ba da ruwa. Ɗaya tana jiran famfo da farantan sola, ɗaya ba a yi mata gwajin jan ruwa ba, ta biyar kuma ruwanta na yin ja idan ya kwana a bokiti, alamar ƙarfe ya yi yawa. Idan ma'aunin da aka sa wa hannu a yarjejeniya shi ne rijiyar da aka miƙa wa al'umma tana aiki, to abin da aka cimma 2 ne cikin 6, wato kashi 33.

Gyaran shi ne a ba kowane mataki layinsa a jadawalin: binciken ƙasa, haƙa, sa bututu da zuba tsakuwa, gwajin jan ruwa, gwajin ingancin ruwa, ɗora famfo da tanki, sai miƙawa ga kwamitin unguwa. Kowane layi ya nuna abin da aka tsara, abin da aka yi, da giɓin da ke tsakani. Da haka haƙa 5 ɗin nan ma zai fito fili, ba a tauye wa ma'aikata ƙoƙarinsu ba, kuma ba a yi ƙarya ba.

Gwajin ingancin ruwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin ƙasar Legas na da halinta. A unguwannin da ke kusa da teku, irin su Lekki da Ajah, ruwan gishiri kan kutsa cikin rijiya, a wurare da yawa kuma ƙarfe ne matsalar. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta iyakance ƙarfe a miligiram 0.3 cikin lita ɗaya. Saboda haka "ruwa mai kyau ne" ba bayani ba ne. A rubuta adadin da ɗakin gwaji ya bayar, a haɗa takardar sakamakon. Idan ya haura iyaka, a faɗi ko akwai kuɗin matatar ruwa a kasafin, ko kuwa sai an nemi izinin juya wani kuɗin.

Wani kuskuren, wanda ya fi wancan muni a idon mai ba da tallafi, shi ne taɓa adadin da aka tsara. Mutum ya ga 6 ba za ta samu ba, sai ya mayar da ita 4 a shiru. Tsarin aiki na asali yana hannun masu ba da tallafi, za su gwada. Adadin ya zauna yadda yake har sai sun amince da canji a rubuce, sannan a ambaci ranar amincewar.

Haka kuma kada a gauraya aikin wannan zango da jimillar aiki tun farawa. Kowanne da gurbinsa, in ba haka ba za a ƙirga rijiya ɗaya sau biyu.

Sai gurbin dalilin giɓi, inda aka saba cika shi da "matsaloli da suka fi ƙarfinmu". Ruwan saman Yuni a Legas ba baƙo ba ne, don haka kalmar "damina" ita kaɗai tana nuna rashin shiri ne. A rubuta abin da ya faru: motar haƙa ta kasa shiga layin tsawon kwana 9 saboda taɓo, an mayar da aikin mako na biyu na Agusta lokacin da ruwa kan ɗan tsagaita, kuma injiniyan aikin ne zai bi sawu. Idan jinkirin na izinin haƙa ne, a sa ranar da aka miƙa takarda.

Kafin a tura, a ajiye rahoton kuɗi kusa da na aiki. Idan an kashe kashi 80 na kuɗin zangon alhali rijiya 2 aka miƙa, dole a yi bayani, wataƙila an ba ɗan kwangila kafin alƙalami ko an sayi famfuna shida a tashi ɗaya. Adadin masu amfana ma daga rijiyoyin nan biyu za a ciro shi, da rajistar gidajen da ke ɗiba, ba daga yawan mutanen unguwa ba.