Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa sinadari a kwalbar awo

A ce ana son mililita 250 na ruwan CuSO₄ mai ƙarfin 0.1 M, wato mol 0.1 a kowace lita, mol kuwa shi ne ma'aunin yawan sinadari. Mililita 250 rubu'in lita ce, don haka mol 0.025 ake buƙata. Tun kafin a taɓa sikeli ake fara kuskure, domin mai koyo yakan ɗauki nauyin mol daga littafi bai duba jikin kwalbar sinadarin ba. Idan farin gari ne, CuSO₄ zalla, mol ɗaya giram 159.61 ne. Idan kuwa shuɗin ƙwayoyi ne, to CuSO₄·5H₂O ne, akwai ruwa a jikinsa, kuma mol ɗaya giram 249.68 ne. Da shuɗin, giram 6.24 za ka auna. Wanda ya yi lissafi da nauyin farin alhali shuɗin ne a hannunsa zai auna giram 3.99, haɗinsa ya tsaya a wajen 0.064 M, shi kuma ya rubuta 0.1 M a jikin kwalba.

Kuskure na biyu ya fi damuna, domin kamar daidai yake: a auni ruwa mililita 250 a zuba wa garin. Ba haka ake yi ba. Haɗin gaba ɗaya, ruwa da abin da ya narke a ciki, shi ne zai cika 250, kuma aikin layin da ke wuyan kwalbar awo ke nan.

Fara narkar da garin a bika da tataccen ruwa kamar mililita 100, ka motsa har ƙwaya ɗaya ba ta saura. Juye shi a kwalbar ta mazurari, sannan ka ɗauraye bikar da sandar motsawa da mazurarin sau uku, kana zuba ruwan ɗaurayar a kwalbar. Ɗigon shuɗi da ya saura a bika sinadari ne da ka auna amma bai shiga haɗinka ba.

Kwalbar da zafin digiri 20 aka daidaita ta, shi ya sa ba a cika ta da haɗi mai ɗumi. Sinadari irin NaOH yana fitar da zafi in yana narkewa. Bar shi ya huce a bika tukuna, in ba haka ba ruwan zai sauka ƙasa da layi bayan ya yi sanyi.

In ka kusa layin, koma ɗigo-ɗigo. Ajiye kwalbar a tebur, ka sunkuya har idonka ya yi daidai da layin, ka tsaya lokacin da ƙasan lanƙwasar ruwan ya zauna a kansa. In ka zarce, kada ka zuƙe rarar. Sinadari za ka kwashe tare da ita. Sake haɗawa daga farko.

Sai ka rufe, ka danne murfin da yatsa, ka kifa kwalbar ka miƙar da ita sau goma zuwa ashirin. Kaɗawa kawai ba ta gauraya ruwan da ke wuya. In shuɗin wuyan bai kai na ƙasa kauri ba, da sauran aiki.