Kurakuran da ƴan kasuwa suka fi yi wajen tanadin tsufa

Babban kuskuren da zaka ji a bakin ƴan kasuwa daga Kwari har Singa shi ne "ai shagona shi ne fanshona". Toh amma shago yana kawo kuɗi ne saboda kana zaune a cikinsa, kai ka san dila, kai kwastoma suka yarda da kai, ranar da gwiwa ta hana ka fitowa ka barwa yara sai ka ga ciniki ya fara ja baya, bashin da ke waje ma rabi ba zai dawo ba. Ga kuma gobara, waɗanda suka ga ta kasuwar Sabon Gari a 2016 sun san jarin shekara ashirin yana iya tafiya a dare ɗaya. Gyaran shi ne kuɗin tsufa su fita daga cikin kasuwar gaba ɗaya, su zauna inda hannunka ba zai kai ba ranar da aka ce ga kaya sun sauka da araha.

Na biyu, yanke wa kai adadi guda duk wata kamar mai albashi. Ɗauki mai sayar da atamfa da shadda, a watan azumi ribarsa bayan ya cire haya da kuɗin yaran shago da na mota ta kai N900,000, ana shiga damina mutane sun koma gona sai ta sauko N150,000. In yace zai riƙa ajiye N60,000 duk wata, a azumi ya ajiye kaɗan, a damina kuma ya gagare shi, ya tsallake wata biyu shikenan maganar ta mutu. Gara ya ce kashi 10 cikin 100 na riba, azumi N90,000, damina N15,000, ba watan da zai fashe. Sai dai fa wannan ba zai yiwu ba in ba ka san ribarka ba, kuma gaskiya da yawa ba su sani ba, cefane daga aljihun shago, gudummawar biki daga aljihun shago, alat na shiga akawun ɗaya da kuɗin makarantar yara. Ka samu littafi, ka yanka wa kanka albashi, duk Juma'a ko ƙarshen wata kayi lissafi ka cire kason a ranar, ba sai abin da ya rage ba, domin ba abin da zai rage.

Adashi kuma ba laifi, amma kuɗinka ne kawai ke dawo maka, kuma kowa ya san ranar kwasa buƙata ta riga ta tsaya a ƙofa. In zaka yi, tun kafin ranar ka san inda kuɗin zasu.

Sai masu tara naira tsabarta a gida ko a akawun su barta. A 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100, wato miliyan ɗayan da ka ajiye farkon shekara, a ƙarshenta kayan da zata saya bai kai na dubu ɗari takwas ba. Lambar tana nan yadda take, shi yasa mutum baya gane an ci shi. Mutane da dama ribar banki suke gudu, kuma da hujjarsu, amma akwai mafita. Gwamnatin tarayya tana fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, tun 2017, ana shiga da N10,000. Hukumar PenCom mai kula da harkar fansho kuma ta buɗe tsarin Micro Pension a 2019 domin masu sana'ar kansu, kaje wajen kamfanin fansho mai lasisi ka buɗe akawun, ka zuba kullum ko duk sati ko duk wata gwargwadon hali. Ana raba kuɗin gida biyu, wani kaso zaka iya cira in ta matse, ɗayan a kulle yake sai ka kai shekara 50 ko rashin lafiya ya zaunar da kai. Wannan kullewar ita ce amfaninsa ga ɗan kasuwa. Ka tambaye su zancen Fund VI, asusun da ba ruwansa da ribar banki, ka kuma duba sunan kamfanin a jerin PenCom kafin ka ba kowa sisi.

Fili ma ana kuskure a kai. Mutum ya sayi fuloti uku a bayan gari da takardar mai unguwa kawai, ya tsufa yana da dukiya amma ba kuɗin magani, in ya tashi sayarwa da gaggawa dillalai su karya masa farashi, ko ma ya tarar wani ya zuba bulo. Fuloti ɗaya mai cikakkun takardu da ka gina ɗakuna huɗu ko shaguna biyu na haya ya fi ukun nan, domin haya tana shigowa ko ka fito ko baka fito ba, sai dai ka riƙa ware wani abu daga ciki na gyaran rufi da shekarar da ɗan haya zai ƙi biya.