Kurakuran da aka fi yi a wasiƙar neman kamfani ya ɗauki nauyin gasar makaranta

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan wasiƙa shi ne a rubuta ta da harshen roƙo. Malami zai cika shafi da bayanin halin da makaranta take ciki, ya rufe da “a taimaka mana saboda Allah”, bai ce komai ba game da abin da kamfanin zai samu. Mai kamfani yana da hanyoyin da yake ba da sadakarsa, amma kuɗin da yake fitarwa da sunan kamfani sai ya san a wane gurbi zai rubuta su, kuma gurbin da ya fi sauƙin buɗewa shi ne na talla.

Mu ɗauki misalin makarantar sakandare da ta shirya gasar kacici-kacici tsakanin makarantu 8, tana neman tallafin wani kamfanin ruwan leda na garin. Yawanci abin da ake rubutawa shi ne “za mu tallata kamfaninku a wurin taron”, wanda magana ce da ba a iya aunawa. Gyaranta shi ne a faɗi abin da za a iya ƙirgawa: “Muna sa ran ɗalibai 400 da iyaye da malamai 150. Za a sa sunan kamfaninku da tambarinsa a allon da ke bayan alƙalan gasa da kuma takardun shaida 24 da za a raba, mai gabatarwa zai ambace ku a buɗe taro da rufe shi, kuma wakilinku ne zai miƙa kofi.” A ganina, abin da ya fi waɗannan daraja a wurin mai ruwan leda shi ne a ba shi tebur a bakin ƙofa, a kuma tabbatar masa cewa ba za a raba ruwan wani kamfani ba ran nan. Idan kuwa an riga an aika wa abokin gasarsa irin wannan wasiƙa, kada a yi wannan alkawari, domin ranar taro asiri zai tonu a kan teburin manyan baƙi.

Daga nan sai maganar kuɗi, inda ake yawan cewa “duk abin da ya sauƙaƙa”. Wanda ya rubuta haka ya bar wa manaja aikin lissafi, shi kuwa sai ya ajiye takardar. A kawo kasafin a fili: a misalinmu, naira 150,000 na kofi da kyaututtuka, 120,000 na hayar rumfa da kujeru da lasifika, 50,000 na buga allo da takardun shaida, 30,000 na ruwan sha, jimla 350,000. Sannan a nuna ɓangaren da ake so ya ɗauka, a kuma buɗe masa ƙofar ba da kaya maimakon tsaba. Jakar ruwan leda ƙulli 20 take ɗauka, saboda haka jaka 60 za ta ba mutum 550 ƙulli bibbiyu har da saura. Ba da jaka 60 daga abin da yake sarrafawa ya fi masa sauƙi a kan fitar da kuɗinsu, kuma kowane ƙulli yana ɗauke da sunansa.

Akwai kuma masu cika baki, su ce gidan rediyo zai ɗauki taron ko kwamishina zai halarta, alhali gayyata kawai aka aika. A rubuta “mun gayyata” a inda aka gayyata, “sun amsa” a inda aka amsa. Haka nan kada a yi alkawarin ba kamfani hotunan ɗalibai don talla kafin a sami yardar iyayensu da ta hukumar makaranta.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna sa a yi shakkar wasiƙa. Lambar asusun malami a maimakon ta makaranta tana daga cikinsu, haka ma takardar da ba ta da kan wasiƙa na makaranta da hatimi da sa hannun shugabanta. A tambayi wanda yake yanke shawara a kamfanin, a rubuta muƙaminsa daidai, a kai wasiƙar hannu da hannu aƙalla mako shida kafin gasar, domin dole tambarin kamfani ya isa wurin mai ɗab'i kafin a buga allo. A ƙarshen wasiƙar a sa ranar da ake jiran amsa, a kuma rubuta cewa cikin mako guda bayan gasar za a aiko da rasidan abin da aka kashe da hoton allon da ke ɗauke da sunansu.