Takardar tayin aiki: fara da damuwar mai aiki, tarihinka ya jira

A ce wata ƙungiya ta sa tallar aiki a Upwork, dandalin intanet da ke haɗa masu ba da aiki da masu nema, tana neman wanda zai fassara mata gajerun saƙonni 40 na tunatar da iyaye ranar rigakafin yara, daga Turanci zuwa Hausa, domin a tura su ta SMS. A ƙasan tallar sun ƙara layi ɗaya: wanda ya yi musu a baya, saƙonninsa sun riƙa cinye kuɗin turawa fiye da kima, ba su san dalili ba. Wannan layin shi ne aikin. Amma yawancin masu nema ba sa ko kallonsa.

Abin da aka saba aikawa shi ne irin wannan, ko da yake da Turanci ake rubutawa: "Barka da warhaka, da fatan kuna lafiya. Ni ƙwararren mai fassara ne, na yi digiri a fannin harsuna, na shekara bakwai ina wannan sana'a, kuma Hausa harshen uwa ne a gare ni." Babu ƙarya a ciki. Matsalar ita ce mai aikin yana kallon jerin masu nema ne, kuma layukan farko kaɗai ke bayyana masa kafin ya danna ya buɗe. Duk wanda ke sama da kai da wanda ke ƙasa da kai, shi ma "ƙwararre" ne, shi ma a nono ya sha Hausa. Ga shi ka kashe Connects, wato makin neman aiki a Upwork, wanda da kuɗi ake sayensa, don ka faɗi abin da tuni yake rubuce a shafinka.

Na san abin yana da nauyi a wurinmu. An rene mu a kan cewa ba a faɗa wa mutum da magana ba gaisuwa, kuma baƙo yakan faɗi ko shi wane ne kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. To a gaisa, amma kalma biyu sun isa. Dubi mai gyaran janareta idan ka kira shi gida: ba ya tsayawa ba ka labarin inda ya koyi aiki. Yakan ce a tayar masa ya ji ƙarar, sannan ya ce, "Yallaɓai, kabureta ce." A nan hankalinka ke kwanciya da shi.

Wasu sun ji wannan shawarar, sai suka faɗa kuskure na biyu, wato maimaita tallar kamar aku: "Na ga kuna neman mai fassara saƙonni 40 zuwa Hausa." Ai shi ya rubuta, ya sani. Farawa da damuwar mai aiki na nufin ka faɗa masa wani abu game da ita wanda bai sa a tallar ba. A misalinmu, mai fassarar da ya san aikinsa zai yi zargin haruffa masu lanƙwasa. Saƙon SMS ɗaya yana ɗaukar harafi 160 idan duk haruffan suna cikin tsarin GSM-7. Amma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikinsa, don haka da zarar ɗaya ya shiga, duk saƙon sai ya koma tsarin UCS-2, wanda harafi 70 kawai yake ɗauka. Idan saƙon ya wuce haka, sai a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace harafi 67, kuma kowace gunduwa da kuɗinta. Ke nan saƙo mai harafi 150, wanda da ɗaya ne, ya zama uku saboda ƙ guda. In mutum 10,000 za a tura wa, an biya kuɗin saƙo 30,000.

Ga yadda takardar za ta kasance idan an gyara ta:

"Barka da aiki. Game da kuɗin turawar da ya ƙaru: ina zargin tsofaffin saƙonnin na ɗauke da ƙ, ɗ ko ɓ, waɗanda ke rage iyakar saƙo daga harafi 160 zuwa 70, har ɗaya ya koma biyu ko uku. Zan fassara saƙonnin 40, in ƙirga haruffan kowanne a gefensa, in ba ku su iri biyu: mai lanƙwasa da marar lanƙwasa. A marar lanƙwasan zan kauce wa kalmomin da ma'anarsu za ta rikice, kamar ƙafa da kafa. Na taɓa yin irin wannan aikin, ga samfurin saƙonni biyar na haɗo. Kwana uku zai ɗauke ni, a kan kuɗin da kuka sa. Tambaya ɗaya: a Najeriya masu karɓar saƙon suke ko a Nijar?"

Duka-duka ba ta wuce kalma 120 ba. Jerin kuwa shi ne damuwarsa, sai abin da za ka yi, sai hujja, sai lokaci da kuɗi, sai tambaya.

Lura da kalmar "ina zargin". Ba ka ga tsofaffin saƙonnin ba, kuma mai yiwuwa ba haruffan ba ne, tsayin fassarar ne kawai, tunda Hausa takan fi Turanci tsawo. Wanda ya rubuta "matsalarku ita ce kaza" da gadara, in ya kuskure, ya zubar da kansa tun a layin farko. Haka nan kada ka soki wanda ya yi aikin a baya. Ba ka sani ba ko wanda ke karanta takardar shi ya ɗauko shi, ko ma shi ya yi fassarar da kansa.

Tarihinka bai ɓace ba, wuri aka sauya masa, aka kuma rage shi zuwa jimla ɗaya. Kuskuren da ake yi a nan shi ne jibge duk abin da aka taɓa yi: fassarar littafi, rubutun rediyo, koyarwa. Zaɓi wanda ya fi kama da aikin da ke gabanka, ka haɗa samfuri. In ba ka taɓa yin irinsa ba, kada ka ƙaga. Ɗauki saƙo ɗaya daga tallar, in sun sa, ka fassara shi, ka rubuta adadin haruffansa a gefe. Amma ɗaya, ba goma ba, kada ka yi aikin kyauta.

Sai rufewa. "Ina jiran amsarku" ba ta ba mutum abin da zai amsa. Tambayar Najeriya ko Nijar kuwa dole ya amsa ta ko wa ya ɗauka, domin a Nijar ana rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y, ga kuma kalmomin aro daga Faransanci da suka bambanta da namu. Ta kuma nuna masa ka hango abin da shi bai hango ba. Tambaya biyar a jere kuma aiki ka ba shi, zai ce sai anjima, ya wuce na gaba.

Kafin ka danna aikawa, rufe komai da hannu ka bar layi biyun farko. Idan za su zauna daram a kan tallar wani aikin daban, misali fassarar takardar kotu, to har yanzu kanka kake magana a kai. Goge su, ka koma tallar ka nemo layin da mai aikin ya yi ƙorafi a ciki.