Yadda ake haɗa kwas na Hausa a waya a sayar, tun daga zaɓen abin koyarwa har karɓar kuɗi

Abin da zan faɗa nan daga kwas ɗin Yayata ne, tela ce a Sabon Gari nan Damagaram, ni na riƙe mata waya da lissafi tun daga farko har aka gama, saboda haka duk inda muka yi tuntuɓe na san shi.

Farko dai maganar abin da za ka koyar. Yaya da ta tashi cewa ta yi za ta koyar da ɗinki, na ce Yaya ɗinki ai teku ne, wa zai biya kuɗi kan abin da bai san ranar gamawarsa ba? Sai muka buɗe wayarta muka bi saƙonnin da mata ke turo mata, kusan duk tambaya ɗaya ce, yadda ake yanka doguwar riga hannu ya zauna daidai bai ja hammata ba. To shi ne kwas ɗin: yankan doguwar riga daga awo har haɗa hannu, cikin kwana 10. Kai ma haka za ka yi, ka duba abin da mutane suka riga suka dame ka da tambaya a kai, in ba za ka iya faɗin abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa ranar ƙarshe cikin jimla ɗaya ba, to batun ya yi faɗi, ka rage shi.

Na biyu kuma, wannan shi na fi so a ji, kar ka ɗauki bidiyon darasi ko ɗaya sai ka ga kuɗi. Mun sa bidiyo na minti ɗaya a status tana yanka hannun riga, muka rubuta za a fara ranar kaza, kuɗi jika 5, waɗanda suka fara biya su 10 jika 3. Mata sama da 60 suka ce suna so. Waɗanda suka biya a satin farko 8 ne. Takwas ɗin nan su ne gaskiyar kasuwa, "ina so" ba ta sayen mega. Da mutum 2 kawai suka biya da mun mayar musu da kuɗinsu mun sake batu, ba mu yi asarar sati biyu muna ɗauka ba.

Sai ɗaukar darasin. Darasi 10 muka yi, kowane minti 5 zuwa 7, abu ɗaya a kowane: yau awon kafaɗa, gobe ninka yadi da zana alli, jibi yanka wuya, haka dai. Wayar mun ɗaure ta da roba a jikin sanda sama da teburin yanka tana kallon ƙasa, hannun Yaya da tef da almakashi kawai ake gani, wanda ya yi mata daɗi ma don ba ta son fuskarta ta yawata. Da safe muke ɗauka bakin ƙofa lokacin da haske ke da kyau, ba mu dogara da kuran ba. Ranar farko mun yi kuskure, atamfa mai zane muka sa, layin alli ya ɓace ɗungum, dole muka sake da yadi baƙi mara zane. Murya kuma ta fi hoto muhimmanci, mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu amma in ƙarar fanka da kabu-kabu ta rufe magana zai rufe bidiyon, don haka a kashe fanka, a sa makiro na ekuter kusa da baki. Kuma tunda akwai ɗalibai daga Najeriya, duk awo sai ta faɗe shi da santimita ta sake faɗa da inci, don su can da inci suka saba.

In ka zo fitar da bidiyon a CapCut, manhajar da ake haɗa bidiyo da ita a waya, ka zaɓi ingancin hoto na 480p, ko 720p in akwai ƙananan lambobi da dole a gani. Ka tuna ɗalibarka ta Matamaye ko Magariya da forfe ɗin kwana ɗaya take saukewa, reso yana zuwa yana tafiya, bidiyo mai mega 300 ba za ta taɓa gama sauke shi ba. Mu muna ƙoƙarin kowane ya tsaya ƙasa da mega 50.

Inda za a ajiye darasin akwai zaɓi biyu kuma kowane da cikas ɗinsa. WhatsApp kowa na da shi, amma bidiyon da ka tura yau gobe yana gurup goma kyauta. Telegram kuwa kana buɗe channel na sirri ka kunna Restrict saving content, ba a iya turawa gaba ko ajiyewa a waya, sannan kana iya yi wa kowane ɗalibi link nasa wanda mutum ɗaya kawai zai shiga da shi. Cikas ɗin shi ne da yawa ba su da Telegram, sai ka zauna ka koya musu sakawa da wokal. Mu haɗawa muka yi, bidiyo a Telegram, tambaya da turo hoton aiki a gurup na WhatsApp. Wannan ba zai hana wadda ta yi niyya ta ɗauka da wata wayar ba, shi ya sa muka rubuta lambar Yaya a kusurwar kowane bidiyo, in ya fita ma talla ce. Abin da ba a iya sata shi ne gyaran da take yi, kowace dare bayan isha'i tana duba hotunan rigunan ta ce ke wance kin zurfafa hammata, rage santimita 2.

Yanzu kuɗi. Ka ba da hanya biyu ko uku kawai, mu Airtel Money da NITA muka sa, wasu suka roƙi Amana muka ƙara. Ka rubuta tun farko cewa kuɗin turawa na kan mai biya, in ba haka ba jika 5 za ta riƙa isowa da giɓi kana jin kunyar magana. Babbar doka kuwa, hoton resi ba kuɗi ba ne. An taɓa turo mana kaptir na biya mai kyau sumul, na saka ta a channel, sai da dare ina lissafi na ga babu komai, tsohon resi ne aka gyara kwanan wata. Tun daga ranar ba na tura link sai na buɗe asusun da kaina na ga kuɗin sun shigo, ko an tabbatar min da lambar turawar a ajans. Saƙon SMS ma ana ƙirƙirarsa, ragowar kuɗin da ke cikin asusu za ka duba. Ina da kaye guda, suna, lambar waya, hanyar biya, lambar turawa, rana, sai na rubuta sannan link ya fita.

Ƴan Najeriya su da naira za su biya, mu wani ƙanen babanmu a Kano ya ba da asusunsa na banki, yana tarawa ya turo ta hannun mai canji ƙarshen sati. Tunda canji na motsi, farashin naira na sati ɗaya muke sawa, ranar Litinin mu tambayi canji mu sake rubutawa.

Zagayen farko mata 23 suka biya, 10 a jika 3, 13 a jika 5, ya kama jika 95. Muka cire mega da yadin gwaji da sandar waya wajen jika 15. Zagaye na biyu ba mu sake ɗaukar komai ba sai darasi na 7 na haɗa hannu, don a nan kusan rabin ɗaliban suka maƙale, muka raba shi gida biyu ta yi shi a hankali da zare fari kan baƙin yadi.