Darasi: Rubuta Bashin Sana'a da Ranakun Biyansa

Kafin ka sa hannu a takardar bashi, nemi amsar tambayoyi uku ka rubuta su: nawa ne zai shigo hannunka, nawa za ka mayar gaba ɗaya, kuma a waɗanne ranaku. Mai ba da bashi yakan faɗi kuɗin ruwa na wata ɗaya kawai, domin ya fi daɗin ji. Sauran lissafin kai za ka yi.

Bari mu ɗauki misalin wata 'yar kasuwa. Ta nemi bashin 120,000 don ƙara kaya, za ta biya cikin wata 6, ruwa kashi 5 cikin ɗari a kowane wata. Ranar da aka ba ta kuɗin, an cire 6,000 na cike takarda, don haka 114,000 ta riƙe a hannu. Amma ruwan a kan 120,000 ake lissafa shi, wato 6,000 duk wata. Uwar kuɗin kuma an raba ta gida shida, 20,000 kowane wata. Biyanta na wata ya zama 26,000, a wata 6 kuma 156,000. In ka cire 114,000 da ta karɓa, za ka ga bashin ya ci mata 42,000. Ribar da sabon kayan zai ƙara mata sai ta wuce 7,000 a wata, in ba haka ba, wahala kawai take yi wa mai kuɗin.

A nan akwai wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau. A wata na shida, 20,000 ne kaɗai ya rage a kanta, amma ruwan 6,000 ake karɓa kamar ranar farko. Wasu masu ba da bashi kuwa a kan abin da ya rage suke lissafa ruwa. Da haka aka yi mata, da ruwan zai riƙa sauka: 6,000, sai 5,000, sai 4,000, har ya kai 1,000 a wata na ƙarshe, jimla 21,000 maimakon 36,000. Duka biyun "kashi 5" ake ce musu, alhali bambancinsu 15,000 ne. Saboda haka ka tambaya kai tsaye: "Ruwan nan a kan uwar kuɗin farko yake, ko a kan abin da ya rage?" Ka kuma tambayi tarar da ake ci in an makara.

Yanzu ɗauko littafi, ka ware wa kowane bashi shafinsa. A saman shafin rubuta wanda ya ba ka, ranar karɓa, abin da ya shigo hannunka da jimlar da za ka mayar. A ƙasa ja layi biyar daga sama zuwa ƙasa: ranar biya, uwar kuɗi, ruwa, abin da ya rage, sai ranar da ka biya da lambar rasit. Cike dukkan ranakun tun ranar farko, kada ka bari sai wata ya kama. Layin 'yar kasuwar na farko zai nuna uwar kuɗi 20,000, ruwa 6,000, saura 100,000. In kana da bashi fiye da ɗaya, kwafe duk ranakun a kalanda guda, don ka ga makon da biya biyu za su haɗu.

In 'yar kasuwar tana fita kasuwa kwana 26 a wata, ware 1,000 kullum daga ciniki ya ishe ta haɗa 26,000. Kuɗin nan a ajiye su daban, ba a aljihun da ake ba da canji ba.

Ga yadda tarkon bashi yake kamawa. A wata na uku ta bayar da kaya bashi, masu saye ba su kawo kuɗi ba, ranar biya kuma ba ta jira. Sai ta karɓi bashin 26,000 na wata ɗaya a wani wuri, ruwa kashi 10 a wata, ta toshe ramin. Ko kaya ɗaya ba ta saya da su ba, don haka ba ribar da za su haifar. Wata na huɗu ana bin ta 26,000 na tsohon bashi da 28,600 na sabo, jimla 54,600 a wata ɗaya. Duk ranar da ka ga ka buɗe sabon shafi don biyan tsohon shafi, ka shiga. Abin da ya fi mata shi ne ta duba littafinta mako guda kafin ranar, ta bi masu riƙe da kuɗinta, ko ta sayar da wani kaya da 'yar riba kaɗan. In duk bai isa ba, ta je wa mai bashin tun da wuri ta nemi ƙarin wa'adi, a kuma rubuta abin da aka amince a kai.

Aikin gida: wani ya karɓi 60,000 na wata 3, ruwa kashi 10 a wata a kan uwar kuɗin farko, an cire masa 3,000 tun farko. Zana shafinsa, ka fitar da biyansa na kowane wata da abin da bashin zai ci masa gaba ɗaya.