Makin saukin karatu da sanarwar jama'a: inda awon yake tsayawa

Masu gyara sanarwa kafin a lika ta, ku lura da wannan. Awon Flesch Reading Ease, wanda Rudolf Flesch ya fitar a 1948, abu biyu kadai yake kirgawa: yawan kalmomi a jumla da yawan gabobi a kalma. Gwargwadon yawan maki, gwargwadon saukin karatu, kuma maki 60 zuwa 70 shi ake dauka a matsayin rubutu mai sauki. Da Ingilishi aka gina shi, saboda haka kada ku dora shi kan sanarwar Hausa, domin kalmominmu sun fi yawan gabobi, makin zai fadi kasa ko da rubutun a fili yake.

A sanarwar Ingilishi, amfaninsa shi ne ya tona doguwar jumla. A ce sanarwar yanke ruwa ta cusa rana da sa'a da unguwanni da dalili cikin jumla daya mai kalmomi 40. Ku raba ta uku, ranar da sa'ar su zo farko, sannan wadanda abin ya shafa, dalili a karshe.

Amma awon bai san ma'ana ba. Ko kun manta ranar gaba daya, ko kun hargitsa kalmomin jumla, makin ba zai nuna ba. Sunayen wurare da lambobin waya kuma suna rikita lissafin, ku cire su kafin awo. Daga nan ku ba mutum biyu ko uku da ba ma'aikatan ofishin ba su karanta sau daya, ku tambaye su me za su yi, kuma yaushe. Wurin da suka yi tuntube shi za ku gyara.